Game da rubuta bayanan zamanmu

Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah waɗanda za su riƙa taimaka wa sakatare da rubuta bayanan zama ku duba wannan.

Matsalar da muke yawan samu ita ce a rubuta "an tattauna batun gyaran famfo, an amince a gyara", shi ke nan, to wa zai gyara? Yaushe? Zama na gaba kowa sai ya ce ai shi ba shi aka ɗora wa ba, kuma gaskiyarsa ne tunda takarda ba ta faɗa ba.

Kowane batu a ware masa abu uku. Shawarar da aka yanke: a gyara famfo da kuɗin asusun ƙungiya, mutum 14 sun amince, 3 sun ƙi. Aikin da za a yi: a samo farashi daga masu gyara biyu kafin zama na gaba ranar 20 ga wata. Wanda zai yi: ma'aji, a sa sunansa. Kar a rubuta "kwamiti" kawai, ko da mutum biyar ne a ciki a fitar da ɗaya wanda za a tambaya.

Muhawara kuma ba sai an kwashe wane ya ce wane ya ce ba, layi biyu ya isa. Abin da ba a cimma matsaya ba a rubuta an ɗage shi.

Kafin a tashi sakatare ya karanto ayyukan da ƙarfi, wanda aka ambata ya amsa da bakinsa, in ba ya nan a rubuta wanda zai sanar da shi. Mun gode.