Na tara wa ɗan ƙungiyarmu kuɗin asibiti, yanzu ana ce mini ɓarawo

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Don Allah a sakaya sunana.

Shekaranjiya a gaban mutum sama da arba'in sakataren ƙungiyarmu ya miƙe ya ce lissafina bai cika ba. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ni ne ma'ajin wata ƙungiyar teloli a Tudun Wada, Kaduna, mu 64, kuma shekara shida ina riƙe da littafin kuɗi ba a taɓa neman ko sisi an rasa ba.

Wani ɗan'uwanmu ne mota ta buge a Kawo, ƙashin cinya ya karye, likita ya ce sai an yi aiki an sa ƙarfe. Ban buɗe baki na roƙi kowa ba sai da na je asibitin da ƙafata na karɓo ƙiyasi a rubuce: aiki da ƙarfe naira 450,000, jini leda biyu 40,000, hoto da gwaje-gwaje 35,000, magani da gado 95,000. Jimla 620,000. Iyalinsa sun haɗa 180,000, saura 440,000. Da izinin matarsa na karanta wannan a taro, aka amince kowa ya kawo 5,000 cikin kwana biyar, a cike da 120,000 daga asusun ƙungiya.

Shi wannan sakataren, Malam, ko sau ɗaya bai leƙa asibitin ba. Dama tun zaɓen bara yake neman kujerata, kowa ya sani.

Mutum 41 sun turo ta banki, 263,000. Mutum 14 sun ba ni hannu da hannu, 58,000. Tara ba su ba da komai ba. Wato 321,000, da na asusu ya zama 441,000. Duk wanda ya bayar na rubuta sunansa da rana da adadi, kullum bayan isha'i ina gwada littafin da saƙon banki.

Na manta ban faɗa ba, lambar asusuna na kaina na bayar. Na ƙungiya sai da sa hannun mutum biyu ake cire kuɗi, shugaba kuma ya tafi Kano biki, kwana uku ya yi. Mutum na kwance yana nishi, jira zan yi? To amma a nan kuɗin ya cakuɗe da na masu ɗinkina, har akwai 15,000 na wata mai leshi da ya shigo a ranar. Shi ya sa na kasa nuna takardar bayanin banki gaba ɗayanta, domin sirrin sana'ata na ciki. Na 120,000 ɗin kuwa ni na ranta, sai da shugaba ya dawo aka mayar mini.

Abin da ya fita: 400,000 na biya a wurin karɓar kuɗi na asibiti, rasit uku suna hannuna. Sauran 41,000 ne babu rasit. Allurai da ruwan da babu a asibitin na saya a kemis da ƙarfe ɗayan dare, 27,500, yaron shagon ya rubuta mini a bayan kwalin magani, kwalin kuma mai shara ta kwashe. Na ba matar mara lafiyan 10,000 na abinci da kuɗin Keke. Masu POS sun ci 3,500, tunda sau huɗu na ciri kuɗi. Wa ke neman rasit a hannun matar da ke kuka?

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Wani dattijo cikinmu ya ba da 50,000, ya ce tsakaninsa da Allah, kada in ambaci sunansa. Da na karanta sunaye sai na tsallake shi, sakatare na bi da biro, ya samu 271,000 alhali na ce 321,000. Maimakon ya ga kuɗi sun ƙaru, sai ya ce wanda ya ɓoye suna ɗaya zai ɓoye goma. Da na rubuta “wani bawan Allah, 50,000” da ba a kai nan ba, na sani. Dattijon na zaune ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba.

Ga shi jiya likita ya ce ciwon ya yi ruwa, sai an sake buɗewa an wanke, da maganin sati biyu, wajen 150,000. Matar mara lafiyan ni take kira. Na tsara cewa wannan karon asusun ƙungiya kawai za a tura, kuɗin hannu mutum biyu su ƙirga su sa hannu, a biya asibiti kai tsaye, a liƙa lissafi a ƙofar ofis kowace safiya. Amma da wace fuska zan tsaya in sake roƙo?

Shin in fasa alkawarin dattijon in faɗi sunansa, ko in nuna wa shugaba shi kaɗai? 41,000 ɗin nan in biya daga aljihuna, ko hakan zai zama kamar na amsa laifi? Uwargidana ta ce in ajiye musu littafinsu kawai. Aikin dai ranar Alhamis aka sa.

Naka,
Wani ma'aji, Tudun Wada, Kaduna