Wasiƙar tuni ba ta aiki sai da lamba da wa'adi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai albarka domin in faɗa wa 'yan'uwa na Zango abin da na koya wajen neman haƙƙin marigayi yayana, wanda ya yi aikin gadi a wani ofishin gwamnati a nan Kumasi.

Na kai takardar farko a watan Fabrairu, kuma bayan mako biyu suka amsa cewa sun karɓa, da wata lamba a saman takardar kusa da kwanan wata. Ban kula da lambar ba. Da shiru ya yi yawa, sai na sake rubutawa har sau biyu, ina maimaita labarin tun daga farko, ina roƙon a duba mana da gaggawa. Wani dattijon akawu ne ya tausaya mini ya bayyana mini cewa da lamba ake ajiye fayil, don haka duk takardar da ta zo babu lamba sai a ɗauke ta sabon koke, ta koma ƙarshen layi. Ashe da hannuna nake mayar da kaina baya.

A ranar 6 ga Mayu na rubuta ta huɗu, wadda ba ta cika rabin shafi ba. Na sa lambarsu a sama, na ambaci ranar takardata ta farko da ranar amsarsu, na haɗa kwafin duka biyun, sannan na nemi abu ɗaya tak: a sanar da ni a rubuce inda fayil ɗin ya tsaya, kafin ranar 20 ga Mayu. Na tafi da kwafi biyu, aka buga mini hatimin karɓa a kan nawa.

Wa'adin shi ne abin da na fi yin tunani a kansa. Kalmar “da gaggawa” ba ta ɗaure kowa, kwana uku kuwa tsokana ce da za ta sa ma'aikaci ya ture takardar gefe, tun da fayil yakan bi ta tebur biyu ko uku kafin a sa hannu. Na zaɓi kwana 14 ne saboda shi ne wa'adin da dokar 'yancin samun bayanai ta Ghana ta shekarar 2019 ta ba jami'i ya yanke hukunci a kan buƙata, kuma ko da kokena bai shiga ƙarƙashin dokar ba, babu mai cewa na matsa musu. Na kuma rubuta cikin ladabi cewa idan ranar ta wuce zan kai ƙara ga hukumar CHRAJ, wadda ke sauraren koke a kan ofisoshin gwamnati, kuma da gaske na shirya yin hakan.

Ranar 17 ga Mayu aka kira ni, aka ce takardar shaidar rasuwa ce ta ɓace daga fayil ɗin tun watan Maris. Na kai wani kwafin ranar Litinin.

Wassalam,
Wani mai karatu, Aboabo, Kumasi