Ummi, kan maganar yatsan nan naki

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Bayan haka, ƙanwarki ce ta faɗa mini abin da kika ɓoye mini, wai tun bayan Babbar Sallah yatsanki na zobe yake maƙalewa da asuba, sai kin sa ɗaya hannun kin miƙe shi, ya yi ƙas kafin ki iya alwala. Kada ki yi mata faɗa, ni na matsa mata.

Kin ce mata sanyi ne. Ba sanyi ba ne, Ummi, na ga irinsa da yawa lokacin da nake aikin jinya. Jijiyar da ke lanƙwasa yatsa tana bi ta cikin wata ƙawanya a tafin hannu, daidai gindin yatsan. Ke tela ce, kin san abin da ke faruwa idan zariya ta yi ƙulli a cikin ƙubaka: sai an ja da ƙarfi ta wuce, komawa kuma ta gagara. Haka jijiyar take idan ta kumbura, ƙawanyar kuma ta yi kauri. Danna gindin yatsan, za ki ji ɗan ƙulli mai zafi yana motsi idan kin lanƙwasa. Ya fi tsanani da safe ne domin hannu ya kwana a dunƙule, kumburin ya taru. Almakashin da kike wuni kina matsawa shi ke ƙara masa.

Yau da dare ki ɗaure yatsan a miƙe da ɗan katako da bandeji, ba tamau ba, ki riƙa yin haka kullum har mako 6. Da safe ki tsoma hannun a ruwan ɗumi minti 10, sannan ki miƙe yatsun, ki lanƙwasa gaɓoɓin sama kaɗai, ki sake miƙewa, ki dunƙule a hankali, ki tsaya kafin inda yake maƙalewa. Ki yi kamar sau 10, sau uku a rana. Kada ki riƙa maƙale shi da gangan don ki nuna wa mutane, kowane ƙas ɗin nan ƙara gurje jijiyar yake. Yanka atamfa ki bar wa yaran shago. Idan zafi ya dame ki, ki shafa man diklofenak. Ƙwayar ibufurofen kuwa ba taki ba ce, kin san cikinki.

Idan makonnin sun cika yana nan, ko ya fara ƙin miƙewa ko da kin ja, sai allurar kotizon, mai rage kumburi. A cikin kuben jijiyar ake yin ta, a tafin hannu, kuma fiye da rabin waɗanda aka yi wa suna samun sauƙi, wani cikin kwanaki, wani sai bayan makonni. Likita ne zai yi, ba mai kemis ba. Yawanci ba a wuce biyu a yatsa ɗaya, domin yawanta na raunana jijiya. Idan biyun ba su yi ba, ƙaramar tiyata ce: a kashe wurin, a tsaga ƙawanyar, ki koma gida ranar, a cire zare bayan kamar mako biyu. Ki zo Kano na raka ki asibitin ƙashi na Dala. Mai ɗori da wanzami ba su da aiki a nan, ba karaya ba ce, ba kuma mataccen jini ba.

Amma ba yatsan ne ya hana ni barci ba. Wannan ciwo ya fi kama masu ciwon suga, kuma ke 'yar Malam ce. Kin ga yadda aka yi da ƙafarsa, ke kika riƙe masa kwano a ɗakin nan. Tun haihuwar Auta nake ce miki ki auna, kina ce mini sai kin gama ɗinkin Sallah. Sallah nawa aka yi? An ce kin rame, kina tashi fitsari cikin dare, ruwa ba ya isarki. Kuna cewa na cika tsoro. Wanda ya binne abin da na binne ba a ce masa haka. Wallahi idan kika sake ce mini "sai an kwana biyu", zan hau mota na zo na zauna a ƙofar shagon.

Gobe ki je kafin karin kumallo a auna miki suga. Idan ya kai 7.0, wato 126 a ɗaya ma'aunin, za su sake gwadawa su tabbatar. Ki yi wannan kafin kowa ya kusance ki da allura, domin kotizon yana ɗaga suga na wasu kwanaki, kuma ga mai suga ba ya ci sosai, sau da yawa ciwon ya dawo. Dole likita ya sani tukuna.

Ban rubuto don na ɓata miki rai ba, uwata. Hannun nan ne ya riƙe mu shekarar da kika sani, ban manta ba. Ki kira ni da kin karɓi sakamakon, ko mene ne. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yaran. Allah ya ba ki lafiya, ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki