Zuwa ga abokan cinikinmu: kaya ɗaya, talla iri biyu

Assalamu alaikum.

Alhazai da Hajiyoyi masu kasuwanci a Jidda, Makka da Madina, da yawanku kan aiko da rubutun talla guda, ku ce a sa shi a LinkedIn da Instagram yadda yake. Shawararmu ita ce a raba shi biyu.

Mu ɗauki dabinon ajwa na Madina, kwali mai rabin kilo, a ce riyal 60 kafin haraji. Mai ganin tallan a LinkedIn yawanci ba shi zai ci dabinon ba. Jami'in sayayya ne na otal ko na kamfanin jigilar alhazai, kuma sai ya kai wa maigidansa lissafi kafin a saki kuɗi. Don haka layi biyu na farko su amsa masa abin da za a tambaye shi: kwali nawa ne mafi ƙanƙantar oda, kwana nawa kafin kaya su iso, ana ba da rasiɗin haraji ko ba a bayarwa, ana buga tambarin kamfani a kwalin ko a'a. Daga nan rubutun ke naɗewa, sai wanda ya latsa zai ga saura. Doguwar gaisuwa da kirarin ajwa su koma ƙasa. Jadawalin farashi a haɗa shi a PDF, a kuma saki tallan da safe, tsakanin Lahadi da Alhamis, lokacin da mutane ke ofis.

A Instagram kuwa hoto ne ke magana. A tsaye za a ɗauke shi, faɗi pixel 1080, tsawo pixel 1350, kwalin a buɗe, an tsaga dabino ɗaya an ajiye kusa da finjalin gahawa. Rubutu kaɗan ya isa, domin haruffa kusan 125 kawai ake gani kafin ya yanke: sunan dabino, nauyi, farashi, unguwannin da ake kaiwa. Adireshin yanar gizo da aka liƙa ƙarƙashin hoto ba ya latsuwa, sai a sa shi a bayanin shafinku a ce wa mutane su duba can. Da azumi, bayan tarawihi ya fi dacewa.

Inda aka fi samun matsala shi ne farashi. Harajin sayayya a Saudiyya kashi 15 cikin 100 ne, wato riyal 60 ya zama 69. Idan an rubuta 60 a LinkedIn, 69 a Instagram ba tare da bayani ba, wanda ya ga duka biyun zai ɗauka ana yi masa wayo, kuma ba lallai ya tambaya ba. A LinkedIn a rubuta "riyal 60, ban da haraji", a Instagram "riyal 69, har da haraji". Nauyi da asalin dabino kuwa kada su sauya ko da harafi ɗaya.

Idan za ku aiko da aiki, ku haɗo da farashin sari da na ɗaiɗai, da hotunan asali da ba a matse su ta WhatsApp ba.

Wassalam,
Ma'aikatan sashen tsara talla, Jidda