Sanarwa ga Masu Turo Hoton Aikin Lissafi

Assalamu alaikum, ƴan uwa malamai da ɗalibai.

Duk wanda zai turo hoton lissafin da ya rubuta da hannu, don Allah ya haɗa da ainihin tambayar, kuma ya faɗi abin da yake buƙata, domin duba amsa daban ne da neman kuskure.

Jiya an turo 3(x − 2) = 12, an sami x = 14/3. Idan duba amsa ake so, sai a mayar da 14/3 cikin tambayar, a ga ta ba da 8 maimakon 12. Wannan ya nuna akwai matsala, amma bai nuna inda take ba, sai an bi aikin layi-layi: a layi na biyu an rubuta 3x − 2 = 12, wato an manta a ninka 2 da 3. Daidai shi ne 3x − 6 = 12, x = 6.

Sake rubutawa da tsabta kuwa, a ganina, ba a yin sa sai an tabbatar aikin daidai ne, don kada a ƙawata kuskure. Idan hoton ya dushe har 1 ta yi kama da 7, za mu nemi a sake ɗauka cikin haske.