Baba Ya Ce Tsawa Nake Yi Masa, Ni Kuwa So Nake Ya Ji

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Tun shekaranjiya ban runtsa ba, saboda mahaifina ya dube ni a gaban 'yan'uwana ya ce, "Ke ma kin gaji da ni ko?" Ni da nake ɗawainiya da shi shekara 3 ke nan.

Shekarun Baba 74, kuma jinsa ya ragu sosai. Ranar Litinin na gaya masa ƙarfe sha biyu za mu je ganin likita. Ina kicin na ɗaga murya na faɗa, famfo na zuba, talabijin na kunne a falo. Ya amsa da "to". Sha biyu ta yi na tarar ko wanka bai yi ba, wai ƙarfe biyu na ce. Raina ya ɓaci, na yi magana da ƙarfi, ban musa ba. Amma zagi ban yi ba, duk da Yaya yana ta yayatawa wai na ci mutuncin Baba. Yayan da sai ya yi wata biyu bai leƙo ba, in ya zo kuma ya ƙure talabijin yana kallon ƙwallo, ya riƙa yi wa Baba magana kansa na sunkuye a kan waya.

Abin da ya fi ci mini rai, Anti, na san abin da ya kamata in yi. Tun bara likitan kunne ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce irin wannan raunin ji na tsufa, siraran sautuka yake fara cinyewa, irin su "s", "sh", "f" da "ts". Shi ya sa Baba yake cewa yana jin murya amma ba ya rarrabe kalmomi, kuma muryar mata da ta yara ta fi ba shi wahala. Sai daga baya na lura "sha" ɗin nan ce ta faɗi a hanya, "biyu" kaɗai ta isa kunnensa. Ashe ba taurin kai ya yi ba.

Likitan ya ce kafin in fara magana in kira shi ko in ɗan taɓa kafaɗarsa, sai ya juyo. In tsaya a gabansa kamar taku biyu, haske a fuskata, kada in ba taga baya, domin yana haɗawa da kallon leɓe. Kada in rufe baki da hannu ko in yi magana ina tauna. In sassauta gudun magana, amma ban da jan kalmomi kamar mai koya wa yaro. Tsawa kuwa ya ce ita ta fi ɓarna: tana jirkita siffar baki, tana sa fuska ta zama ta mai fushi, kuma irin kunnen nan ƙaramin sauti ba ya shiga, babba kuma zafi yake yi masa. In bai gane ba sau biyu, in sauya kalmomin, misali in ce "da tsakar rana", ko in rubuta masa lokacin a takarda. Kuma wai "to" ɗinsa ba shaida ba ce, gara in nemi ya maimaita mini.

Wallahi ina yi. Da safe in na kashe fanka da rediyo, na zauna ta ɓangaren kunnensa na dama wanda ya fi ji, hira muke yi har da dariya. Amma mutum ɗaya ce ni, ga aiki ga yara, ba kullum zan ajiye abin da ke hannuna in tako har gabansa ba. Ranar ma a gajiye nake.

Na manta ban faɗa ba, yana da na'urar ƙara ji, Yaya ne ya saya, shi ne ma abin da yake yi mini gori da shi. Baba ya ajiye ta a aljihun tebur, ya ce in gida ya cika tana kwaso masa ƙarar cokula da fanka da surutun kowa a haɗe. In an taru mutum huɗu na magana lokaci guda, ya tambayi me aka ce, sai wani ya ce "ba komai Baba, bar shi". Nan take zai yi shiru, can ya tashi ya shige ɗaki. Wannan ba wanda ya kira shi cin mutunci, sai nawa na rana ɗaya.

Yanzu ko kallona Baba ba ya son yi, in kuwa bai kalle ni ba ta yaya zai ji ban haƙurin da zan yi? In rubuta masa ne? Sannan, Anti, ta wace hanya zan ce wa yayana ya kashe talabijin, a riƙa magana ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya ce ƙanwarsa na kafa masa doka a gidan ubansa ba? Ko in yi shiru in bar masa Baban na sati guda ya gani da idonsa?

Taki,
Wata 'yarki mai damuwa