Shin in sa sabon muƙamin Malama a taƙaitaccen tarihinta tun yanzu?

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira.

Ni ce nake riƙe da taƙaitaccen tarihin shugabar ƙungiyarmu, malamar jami'a ce, kuma ana yawan gayyatarta taro da hira a rediyo. Uwar takarda ɗaya nake ajiyewa, wadda ta ƙunshi komai: digirori da shekarunsu, muƙamai, littattafai, lambobin yabo. Daga cikinta nake fitar da guda uku. Gajeren bai wuce kalma 30 ba, na fasta ne da mai gabatarwa, kuma yakan ƙara matsewa saboda wurin bayanin kai a shafin X harafi 160 yake karɓa, na Instagram 150. Matsakaicin kalma 120 ne, na kundin taro da bangon littafi. Dogon kuwa yakan kai kalma 400, na shafin jami'a da neman tallafin bincike.

Ƙa'idata ita ce ba a gyara ko ɗaya sai an fara gyara uwar, an kuma rubuta ranar gyaran a sama. Dogon ina duba shi duk wata shida. Gajeren ba ya motsi sai muƙami ko wurin aiki ya canja. Na kuma daina rubuta "shekara 15 tana koyarwa", domin baɗi ya zama ƙarya. "Tun 2010" nake sawa.

Ga inda na tsaya. Kwamitin ƙarin girma ya amince a ɗaga Malama zuwa Mataimakiyar Farfesa, amma takardunta suna hannun masu tantancewa na waje, majalisar gudanarwa ba ta tabbatar ba, wasiƙa ba ta fito ba. Abokan aiki har sun fara kiranta da sabon muƙamin. A gefe guda, ana shirin buga kundin wani taro da za a yi nan da wata huɗu, kuma masu shi suna son matsakaicin a makon nan. In na bar tsohon muƙami, mai yiwuwa ranar taron mai gabatarwa ya riƙe kundin ya karanta abin da ya riga ya wuce. In na sa sabon kuma tantancewar ta ja lokaci, an buga abin da bai tabbata ba, kuma abin da aka buga a takarda ba ya gyaruwa kamar na shafin intanet. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da jiran wasiƙa, don mutuncinta nake karewa.

To Malam, ya halatta in cire muƙamin gaba ɗaya daga matsakaicin, in ce "Dakta, malama a sashe kaza"? Sannan ƙarin girma irin wannan yakan zo da ranar fara aiki ta baya. A dogon tarihin, wace shekara zan sa, ta wasiƙar ko wadda aka mayar da shi?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Sakatariyar wata ƙungiya, Zariya